Sarin dilar gwanjo: yadda ake gane ta kafin a biya, da lissafin sayar da ita ɗaya-ɗaya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban sito a Kofar Wambai ko Kasuwar Barci ta Kaduna ya san ƙa'idar: ba a fasa maka dila sai ka biya, in kuwa an yanke ɗaurin to ta zama taka, ko zinariya ce a ciki ko tsumma. Shi ya sa wasu ke kiran sana'ar cinikin biri a sama. Ni ban yarda da wannan suna gaba ɗaya ba. Dila tana nuna halinta tun daga waje ga wanda ya san inda zai kalla, kuma abin da idonka bai gani ba, lissafi yana rage maka haɗarinsa. Zan ɗauki dila guda, ta kayan yara mai kilo 55, in bi ta daga sito har zuwa rigar ƙarshe, domin da ita na ga sababbin shiga sun fi farawa kuma da ita na fi sabawa.

Kafin ka taka ƙafa kasuwa

Abu na farko ba ya cikin kasuwar ma, yana unguwarku. Wa zai sayi kayan? Dila ba ta zuwa a cakuɗe kawai, kamfanonin da ke tantance kayan suna ware su iri-iri, su rubuta haruffa a jikin takardar da ke liƙe da dilar. Za ka ga LMD, wato dogayen rigunan mata a haɗe, ko MCS, shat ɗin maza na auduga, ko CCR, kayan yara na auduga marasa nauyi. Haruffan sukan ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, saboda haka ka sa mai sito ya faɗa maka da bakinsa abin da ke ciki, da shekarun yaran da kayan za su yi wa.

Wannan ya fi muhimmanci a Arewa fiye da Legas ko Aba. Dilar rigunan mata da za ta ƙare cikin kwana biyu a kasuwar Katangua ta Legas tana iya zame maka kwantai a Gumel, domin rabinta gajeru ne ko marasa hannu, kuma kamfanin da ya ɗaure ta bai ƙirga gajarta a matsayin aibi ba. A wurinsa lamba ɗaya ce, wato mafi kyawun kaya, a wurinka kaya ne da ba mai tayawa. Kayan yara ba su da wannan matsalar sosai. Yaro yana girma, yana yaga wando, uwa kuma ba ta jin kunyar tsugunawa ta zaɓa masa.

Sai lokaci. Rigunan sanyi da suwaita ana sarinsu tun watan Satumba ko Oktoba, kafin kowa ya farga, a sayar daga Nuwamba zuwa Janairu. Wanda ya sari dilar jaket a Fabrairu saboda an karya masa farashi, to ya shirya ajiye kuɗinsa a buhu wata tara, ga ɓera ga gara. Kayan yara masu kyau kuwa kasuwarsu tana tashi ne daga tsakiyar azumi zuwa jajibirin salla, kuma masu sito ma sun san haka, don haka kafin azumi ya kama ake shiga.

Asalin kayan da nauyinsu

Za ka ji ana cewa ta Landan, ta Chana, ta Koriya, ta Kanada, ta Dubai. Ta Landan ita ce ta Birtaniya, yadinta ya fi kauri da ƙarko, amma ta fi tsada kuma adadin guda bai kai na Chana ba a nauyi ɗaya. Ta Chana tana da yawa, launinta na ɗaukar ido, sai dai yadin ya fi sirantaka kuma sayis ɗin manya ƙanana ne a jikin mutanenmu. Ta Kanada da Amurka akasin haka ne, a kayan manya za ka yi ta cin karo da rigunan da mutum biyu za su shiga. Wadda ake kira ta Dubai ba kayan Larabawa ba ne yawanci, kayan Turai da Amurka ne da aka kai can aka tantance aka sake ɗaurewa, kamar yadda ake yi a Karachi ta Pakistan.

Nauyin da aka fi gani shi ne kilo 45, kilo 55 da kilo 100. Kada ka taɓa kwatanta farashin dila biyu sai ka raba kuɗin da kilo. Mai naira 330,000 a kilo 45 ta fi mai naira 380,000 a kilo 55 tsada, ko da yake kunne ya ji kamar ita ce mai araha: ta farko kilo ya kama kusan 7,300, ta biyu kusan 6,900.

Akwai abu guda da ya kamata ka sani game da hanyar da kayan ke biyowa. Gwanjo yana cikin jerin kayan da dokar kwastan ta Najeriya ta hana shigo da su, shi ya sa da yawa daga cikinsa ke sauka a Kwatano ko Lome sannan ya shigo ta ƙasa. Sakamakon haka biyu ne a kanka. Na ɗaya, farashi yana bin dala da sefa da halin da iyaka take ciki. Waɗanda suka yi sana'ar lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ba za su manta ba. Na biyu, dilar ta bi hannu da yawa kafin ta iso gabanka, kuma kowane hannu dama ce ta a taɓa ta. Shawarata ga mai farawa ita ce ya saya a sito a cikin kasuwar da ya sani, kada ya tura kuɗi a ɗauko masa daga bakin iyaka don ya rage naira dubu ashirin.

Ka fara zuwa kallo, ba saye ba

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne ceton kuɗi, kuma shi ne wanda gaggawa ke sa mutane tsallakewa. Ka je kasuwa da sassafe, lokacin da 'yan gwanjo ke fasa diloli, ka tsaya ka kalla. Ka ɗauki mako guda ko biyu kana haka, ba tare da kuɗin sari a aljihunka ba, don kada zuciya ta ja ka.

Abin da kake nema shi ne tambari. Kowane kamfani yana da sunansa ko alamarsa a jikin dila, kuma diloli masu tambari ɗaya, iri ɗaya, da suka zo a kwantena ɗaya, sukan yi kama da juna domin hannu ɗaya ya tantance su. In ka ga an fasa uku masu tambari guda a gabanka, duk uku sun ba da kaya, to ta huɗu ba za ta yi nisa da su ba. Ka lura da kyau, kada ka ruɗu da riguna biyar masu kyau da mai kayan zai ɗaga sama yana kirari. Ka kalli tulin da ya rage bayan masu zaɓen farko sun gama wawaso. In tulin nan har yanzu yana da kayan da kai za ka iya sa wa ɗanka, tambarin na kirki ne. In ya koma kamar kayan goge mashin, to kansa kawai ke da kyau.

Ka tambayi wanda ya fasa, amma ka iya tambaya. In ka ce masa, "Ta yi kyau?" zai ce maka alhamdu lillahi ko da ta ƙona shi. Ka ce, "Yallaɓai, guda nawa ta ba ka? Nawa ka ware a lamba ɗaya?" Sannan ka tambayi lokacin da kwantenar ta sauka, domin tambarin da ya yi suna bara yana iya lalacewa bana in kamfanin ya sauya inda yake samo kaya. Kada kuma ka tambayi wanda zai kai ka sito ya karɓi la'ada. Shi duk dila mai kyau ce a wurinsa.

In kana da naira dubu talatin ko arba'in, ka shiga cikin masu zaɓe ka sayi guda ashirin, ka kai unguwa ka gwada. Za ka san farashin da mutanenka ke iya biya, kuma wannan adadin ne za ka gina lissafinka a kai.

A gaban dilar

Yau ka zo da kuɗi. Ka ce a fito maka da dila biyu ko uku masu tambarin da ka zaɓa, a ajiye su a fili inda akwai haske, kai za ka nuna wadda kake so. Mai siton da ya ƙi wannan ya riga ya ba ka amsa.

Fara da siffarta. Injin matsa kaya ne ke ɗaure dila a kamfani, saboda haka takan fito da kusurwa huɗu a miƙe, da tauri kamar bulo. Danna ta da gwiwa a tsakiya da gefe-gefe. In wani ɓangare ya lotsa wani ya yi tauri, ko ta yi ciki kamar buhun gero, akwai alamar an buɗe an cire an mayar. Wannan shi ne babban algus na sana'ar: a fasa dila, a tsince masu kyau, a cike gurbin da ragowar wata, a sake ɗaurewa.

Sai ɗaurin. Ko na waya ne ko na roba, ya kamata ya zama iri ɗaya, launi ɗaya, tazara ɗaya, ya nutse cikin jikin dilar har yatsa ba ya shiga ƙarƙashinsa. Ga wata dabara da wani dattijo ya koya mini: ka duba gefen kowane ɗauri ko akwai tsohon sawu. Ɗaurin asali yana barin kwarmi a jikin leda ko buhun da aka naɗe dilar da shi, kuma kwarmin ba ya gogewa. In ka ga kwarmi a wuri guda, ɗauri kuma yana wani wuri kusa da shi, to wannan ɗauri na biyu ne. Haka in ka ga ɗinkin hannu da zaren buhu a gefe, ko salatif a kan tsaga, ko takardar tambari da aka liƙa a kan sawun wata. Wani lokaci akan ƙara wa dila buhu a waje saboda wahalar hanya, wannan ba laifi ba ne, amma ka sa a zare buhun ka ga ainihin naɗin da ke ƙasa. Ka sani kuma masu sake ɗauri ma wasunsu suna da injin, don haka kyawun siffa kaɗai ba ya wanke dila. Yana rage zargi ne kawai.

Yanzu sikeli. Kada ka yarda da abin da ke rubuce, a ɗora ta a gabanka. Ragin rabin kilo ko kilo ɗaya ba abin faɗa ba ne. Ragin kilo biyar a dilar yara kuwa guda talatin ne da 'yan kai suka tafi, kuma ka tabbata ba marasa kyau aka cire ba. Nauyin da ya zarce ma abin tsoro ne. Dilar da aka rubuta 55 ta ba ka 59 ba kyauta aka yi maka ba, yawanci ruwa ta sha.

Ruwa shi ne abin da ya taɓa kayar da ni. Wata damina na sayi dila a wani sito, tambarin da na sani, ɗauri lafiya lau, har ina murna ta ɗara nauyi. Ban sa an juya ta ba. Da na fasa a gida sai na tarar gefen da ke ƙasa ya daɗe a kan siminti mai laima, funfuna ta yi ɗigo-ɗigo baƙi ta ci kusan tsawon hannu zuwa ciki, fararen rigunan jarirai duk sun tafi. Ɗigon funfuna ba ya fita a wanki in ya kama auduga. Tun ranar, sai an mirgina mini dila na ga fuskokinta shida. Ka kai hancinka inda ledar ta ɗan tsage. Gwanjo yana da warinsa na maganin da ake fesa masa, kowa ya san shi, wannan ba damuwa. Warin rima, irin na ɗakin da aka rufe duk damina, shi ne na gudu. Ka tura yatsu ta tsagar, in ka ji sanyin danshi, ka bar ta. Tsatsa a jikin waya ma shaida ce.

In ledar mai nuna ciki ce, za ka hango kayan da ke fuska. Ka kalla, amma kada ka ba su nauyi da yawa, domin kowa ya san fuska ake ƙawatawa. Abin da za ka ɗauka daga nan shi ne ko irin kayan ya dace da rubutun. An ce maka kayan yara marasa nauyi, kai kuma kana hango ulu da jaket, to akwai magana.

Kafin kuɗi ya bar hannunka, ku yi magana ɗaya a fili, gaban shaida. Babu mai siton da zai karɓi dila don ba ta yi maka kyau ba, kada ma ka nema. Amma kana iya neman sharaɗi a kan abu biyu: in aka fasa aka tarar ba irin da aka rubuta ba ne, ko aka tarar ta jiƙe a ciki, za a canja ko a rage. Wannan sharaɗin yana aiki ne kawai in a gabansa ko gaban yaronsa aka fasa. In ka kai gida ka dawo da labari, ba mai sauraronka. Ka karɓi rasit mai ɗauke da tambari da iri da nauyi.

Lissafin da za ka yi kafin ka ce na saya

Farashi yana motsi kusan kowane wata, saboda haka alƙaluman nan na misali ne, ka sa na ranarka a gurbinsu. Mu ɗauka dilar yara mai kilo 55 an sallama maka a naira 380,000. Ɗan dako da a-daidaita-sahu sun ci 8,000. Wanki da guga na waɗanda suka cancanta 17,000. Leda da hanga da kuɗin wuri 5,000. Uwar kuɗinka ta zama 410,000, ba 380,000 ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke fara yaudarar kansu.

Ka fasa ta ba ka guda 360. Sabon shiga zai raba 410,000 da 360, ya samu kusan 1,140, ya ce to zan sayar da kowanne 1,500 in ci riba. Wannan lissafin shi ke kashe jari. A ranar farko mata za su tsince masu kyau duka a 1,500, suna yi maka godiya, a bar ka da tulin da ko 500 ba mai biya.

Ga yadda ta kasu da ka zauna ka tantance. Lamba ɗaya, waɗanda kamar ba a taɓa sawa ba, wasu ma da takardar shago a jiki, guda 90. Lamba biyu, masu kyau amma an ga sawun wanki, guda 150. Lamba uku, masu ɗan tabo ko koɗewa, guda 85. Sauran 35 ba na sayarwa ba ne. In lamba ɗaya ta tafi a 2,800, ka samu 252,000. Lamba biyu a 1,300 ta kawo 195,000. Lamba uku a 400 ta kawo 34,000. Jimla 481,000, riba 71,000, in komai ya ƙare kuma ba wanda ya gudu da bashi.

Ka dubi inda kuɗin yake. Guda 90 kacal, kashi ɗaya cikin huɗu na dilar, su suka dawo da fiye da rabin jarin. Yanzu a ce an taɓa dilar, ko tambarin ya yi rauni, lamba ɗaya ta zo 60 maimakon 90, sauran 30 suka gangara lamba biyu. Kowanne ka rasa 1,500, wato 45,000, ribarka ta koma 26,000 a aikin wata guda. In ta zo 40, ka faɗi. Shi ya sa tambayar da na ce ka yi wa masu fasawa ita ce nawa suka ware a lamba ɗaya, ba guda nawa kawai ba. Ƙa'idar da nake bi: in lamba ɗaya da lamba biyu, a farashin da na tabbatar unguwata na biya, ba za su rufe uwar kuɗi su bar wani abu ba, ba na saye. Lamba uku ba na sa ta a lissafin dawo da jari sam, in ta kawo wani abu na gode.

Kada kuma ka zuba duk abin da ka mallaka a dila ɗaya. Ko ƙwararre, cikin dila biyar sai ya haɗu da wadda ta ba shi kunya, abin da ke riƙe shi shi ne sauran huɗun. In kuɗinka na dila ɗaya ne cif, gara ku haɗa ku biyu ku raba, amma ku tantance tare sannan ku raba kowace lamba gida biyu, ɗauki-in-ɗauka. Raba dila da tuli ya raba abokai da yawa.

Fasawa da tantancewa

Shimfiɗa tabarma ko leda mai faɗi a wuri mai haske. Wajen yanke ɗauri ka tsaya a gefe, ka kawar da fuska, ka kori yara, domin wayar tana ɗaure da ƙarfi kuma tana iya zabura ta tsaga mutum. Ka yanka ɗauri kawai, kada ka ja reza a jikin ledar, ta kan ratsa riguna uku huɗu na sama. In ƙura na damun ƙirjinka ka sa takunkumi.

Kada ka bari kowa ya zaɓa kafin ka gama warewa da ƙirgawa, ko 'yar uwarka ce. "Yaya, bari in ɗan ɗaukar wa su Ummi guda biyu" ita ce hanyar da lamba ɗaya ke zurarewa ba a sani ba. Ka ce mata ta dawo bayan la'asar, ka faɗa mata kuɗinsu, in za ka yi mata ragi ka yi da saninka ka rubuta.

Kowace riga ka ɗaga ta ta fuskanci haske, ƙananan huji suna bayyana nan take. Sannan ka duba wuraren da kaya ke fara mutuwa: wuya da hammata da bakin hannu a riga, gwiwa da tsakanin cinya a wando, ƙirji a kayan jarirai inda madara da abinci ke zuba. Ja zif sama da ƙasa. Ƙirga maɓallai. Ja robar ƙugu ka saki, in ka ji tana ƙara kamar busasshen ganye ko ba ta koma ba, ta mutu. Juya ciki ka ga takardar wanki da ke ɗinke a gefe, in rubutunta ya goge fes, rigar ta sha ruwa da yawa ko da fuskarta na kyau. Yadin da ya yi ƙurajen zare a ciki da gefe ya sauka lamba biyu ko uku.

Ka ware tuli na musamman na waɗanda gyara kaɗan zai ɗaga su. Wandon jins mai kyau da zif ɗinsa ya lalace, in tela ya sa sabo a naira ɗari uku ko huɗu, ya tashi daga 400 zuwa 1,300 ko fiye. Maɓalli da ɓarkewar ɗinki ma haka. Tabon datti da na abinci sukan fita in an jiƙa da omo, amma tabon bilic da na fenti da funfuna ba sa fita, kada ka ɓata sabulunka. Ba duka ake wankewa ba. Lamba ɗaya ka shanya ta a inuwa ta sha iska, ka goge, ka rataye a hanga ko ka sa a leda. Rigar da ta fito a cukurkuɗe daga dila da wadda aka goge ba a taya su kuɗi ɗaya. Farare da na jarirai su ne suka fi buƙatar wanki. Lamba uku ba ta cancanci dutsen guga ba. Tsumman da ya rage kuwa masu gyaran mota da masu cusa filo da katifa suna saye a dunƙule.

Sayarwa

Lamba ɗaya ba a kasa ta a ƙasa. Ita ce ta masu zuwa gida, da ma'aikata, da masu ƙananan shaguna, da waɗanda ke ganin hoto a waya su ce a ajiye musu. In za ka ɗauki hoto, ka rubuta shekarun yaro, gara ma ka auna tsawo da tef ka faɗa, domin sayis ɗin Chana da na Landan ba ɗaya ba ne ko da lambar sayis ɗin ta zo daidai. Haɗa kaya yana ƙara kuɗi: riga da wando da suka dace, in ka jera su saiti, sukan fi abin da za su kawo a rarrabe, kuma ta haka kake tura wandon lamba biyu a bayan rigar lamba ɗaya.

Za a zo maka da tayin zaɓen farko, wato mai shago ya tsinci guda hamsin mafiya kyau ya biya nan take. Ba laifi ba ne, kuɗi a hannu yana da daɗi, amma ka sa masa farashin da ya kusa na ɗaya-ɗaya, domin shi ne zai tafi da ƙashin bayan dilar. Ragin ɗari biyu ko uku a kowanne ya isa.

Lamba biyu ita ce ta tebur da kasuwar ƙauye, a nan ake ciniki, don haka ka bar wa kanka ratar ɗari biyu ko uku a farashin da za ka fara faɗa. In akwai aibi ka nuna da yatsa kafin a biya. Ban da hakkin da ke ciki, uwar da ta gano huji a gida ba za ta dawo ba, kuma sai ta faɗa wa duk matan layinsu.

Ka sa wa dilar wa'adi. Ni mako uku nake ba ta. Makon farko lamba ɗaya, na biyu lamba biyu, a na uku duk abin da ya rage daga lamba biyu ya gangara ƙasa, lamba uku kuma a zuba ta a tabarma ranar kasuwa, uku dubu ɗaya, a tashi. Kayan da suka wuce wata a rana suna koɗewa, masu saye sun haddace su, kuɗin sarin gaba kuma yana kwance a cikinsu. Bashi kuwa, in dole ne, kada ya taɓa lamba ɗaya.

Ka sayi ƙaramin littafi, kowace dila shafi guda: rana, tambari, sito, nauyin da aka rubuta da wanda sikeli ya nuna, kuɗin da ta ci gaba ɗaya, adadin kowace lamba, da ranar da uwar kuɗi ta dawo. Kuɗin cinikin kuma kada ka ci ko sisi daga ciki sai ya cika 410,000 ɗin nan an ware shi gefe. Bayan dila biyar ko shida, in ka buɗe littafin za ka ga tambarin da ke ba ka lamba ɗaya sama da tamanin da wanda ke tsayawa a sittin, za ka kuma ga siton da kayansa kullum ke gaza kilo biyu a sikeli.